Yadda Ake Rubuta Takardar Tura Mai Ƙarancin Jini Zuwa Ga Likitan Ciki Da Hanji

Likitan da zai karanta takardarka bai taɓa ganin majinyacin ba, kuma da wuya ya ba ta fiye da minti biyu. Tana cikin tarin wasu takardu da yake rarrabewa: wannan a gan shi cikin gaggawa, wannan ya bi layi, wannan a mayar wa wanda ya aiko ya cike abin da ya rage. Idan abin da ka rubuta bai wuce "yana fama da ƙarancin jini, a taimaka a duba shi" ba, to ka jefa mutum cikin dogon layi alhali wataƙila wani tsiro ne ke ɗigar da jini a babban hanjinsa. Takarda mai kyau tana nuna abu uku da hujja: ƙarancin jinin na rashin sinadarin ƙarfe ne, ƙarfen zurarewa yake yi ta wani wuri, sannan ga halin da jikin mutumin yake ciki idan za a yi masa binciken na'ura.

Za mu bi misali ɗaya tun daga farko har ƙarshe. A ɗauka namiji ne ɗan shekara 63, ya zo maka a watan Agusta yana kukan kasala da haki idan ya hau bene. A Janairu an gano jininsa ya yi ƙasa, aka ba shi ƙwayar ƙarin jini, ya ji sauƙi, ya daina sha a ƙarshen Afrilu. Yanzu ga shi ya dawo inda ya fito, har ma ya fi da.

Mataki na farko: tabbatar wannan aikin takarda ne

Kafin ka zauna rubutu, ka tambayi kanka ko mutumin nan zai iya jira ma. Idan yana aman jini, ko bayan gidansa ya koma baƙi wuluk mai yauƙi da wari mai tsanani, ko ya suma, ko ƙirjinsa na ciwo, ko bugun zuciyarsa ya yi sama hawan jininsa ya faɗi, wannan ba ɗigar jini a hankali ba ce. A ranar za a kai shi sashen gaggawa, ka kuma kira su ta waya. Haka nan idan himogulobin ya faɗi ƙasa da 7 g/dL, ko ƙasa da 8 ga mai ciwon zuciya. Takardar da muke magana a kanta ta wanda yake tafiya da ƙafarsa ce, jininsa na raguwa cikin makonni da watanni.

Mataki na biyu: kafa hujjar cewa ƙarfe ne ya ƙare

A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, namiji baligi yana da ƙarancin jini idan himogulobin ɗinsa, wato Hb a takardar sakamako, ya gaza 13 g/dL, mace marar ciki kuma idan ya gaza 12. Amma wannan lamba ita kaɗai ba ta gaya wa likitan hanji komai, domin ciwon ƙoda ma na rage jini, haka rashin bitamin B12, haka cututtukan ɓargo. Abin da ke sa ya ɗauki na'ura shi ne shaidar cewa ƙarfe ne babu.

Shaida ta farko ita ce girman jajayen ƙwayoyin jini, MCV. Idan ya gaza 80 fL, ƙwayoyin sun ƙanƙance. Sai dai wannan nuni ne kawai. Mai ɗauke da gadon talasemiya ƙwayoyinsa ƙanana ne tun haihuwa alhali ƙarfensa cike yake, shi kuma wanda ya haɗa rashin ƙarfe da rashin B12 yana iya nuna MCV daidai, domin ɗaya na ja ƙasa ɗaya na ja sama.

Shaidar da ta fi ƙarfi ita ce feritin, wanda ke nuna ƙarfen da jiki ya ajiye. Ƙasa da 15 µg/L babu gardama, ajiya ta ƙare. Likitoci da yawa suna yanke hukunci daga ƙasa da 30, ƙungiyar likitocin ciki da hanji ta Amurka ma a shawararta ta 2020 ta ɗaga iyakar zuwa 45 ga wanda ya riga ya shiga ƙarancin jini. Matsalar feritin ita ce yana tashi duk lokacin da akwai kumburi ko zazzaɓi ko ciwon hanta a jiki, sai ya rufe gaskiya. Saboda haka kada ka aika feritin shi kaɗai, ka haɗa shi da CRP, gwajin da ke nuna kumburi a jiki, na rana ɗaya. Idan CRP ya hau, feritin kuma ya tsaya a tsaka-tsaki kamar 60, sai ka nemi TSAT, wato kason furotin mai dakon ƙarfe a jini wanda ke ɗauke da ƙarfe. Ƙasa da kashi 20 cikin ɗari yana goyon bayan rashin ƙarfe.

A misalinmu abin a fili yake: MCV 72, feritin 6, CRP 4.

Abu guda da ake yawan mantawa: idan an taɓa yi wa mutumin ƙarin jini ko allurar ƙarfe ta jijiya, ka rubuta ranar. Duk gwajin da aka yi bayan haka a gauraye yake na ɗan lokaci, feritin musamman yana yin sama sosai bayan allurar, kuma wanda bai san an yi ta ba zai ɗauka lafiya lau.

Mataki na uku: jera lambobin bisa kwanan wata

Nan ne zuciyar takardar take, kuma nan ne ya cancanci ka ɓata lokaci. Sakamako ɗaya yana nuna inda mutum yake yau kawai. Jerin sakamako shi ke nuna ko jini na zurarewa. Ka tono fayil, ka nemo Hb na ƙarshe da yake daidai ko da na shekarun baya ne, sannan ka jero sauran tare da abin da ake sha a kowane lokaci.

Na mutuminmu ga yadda ya fito. Shekara biyu da suka wuce Hb ɗinsa 14.1 ne. A Janairu ya zama 10.4, feritin 8. Aka fara ba shi feros salfet mai miligiram 200 sau ɗaya a rana. Bayan mako huɗu ya kai 11.9, a ƙarshen Afrilu 12.4, ya ajiye maganin. A Agusta ya dawo 9.6.

Wannan jeri yana amsa tambayoyi biyu da likitan hanji zai yi ko ba ka nan. Ta farko: shin hanjinsa na tsotse ƙarfe? E, domin da aka ba shi jinin ya tashi. Jagorar ƙungiyar likitocin ciki da hanji ta Birtaniya ta 2021 ta ce tashin Hb da 1 g/dL ko fiye cikin mako biyu da fara magani alama ce mai ƙarfi ta rashin ƙarfe na gaske. Ta biyu: to ina ƙarfen ya tafi? Ga ɗan lissafi. Giram ɗaya na himogulobin yana ɗauke da kusan miligiram 3.4 na ƙarfe. Babban mutum yana da jini wajen lita 5. Faɗuwa daga 12.4 zuwa 9.6 na nufin an rasa giram 28 a kowace lita, jimla giram 140, wato ƙarfe kusan miligiram 480 cikin wata huɗu. Idan ka raba, miligiram 4 ke nan kullum. Tunda kowace mililita ta jini na ɗauke da kusan rabin miligiram, mutumin yana asarar abin da ya kai mililita 8 a rana, bai cika ƙananan cokula biyu ba. Jini kaɗan irin wannan ba ya sauya launin bayan gida, sai ya kai mililita 50 ko fiye a lokaci ɗaya kafin a ga baƙi. Shi ya sa zai rantse maka bai taɓa ganin jini ba, kuma gaskiya ya faɗa. Jiki kuwa abin da yake tsotsa daga abinci a rana bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba a al'ada, ko ya ƙara ƙoƙari ba zai cimma wannan asara ba.

Ba sai ka saka lissafin a takarda ba. Amfaninsa shi ne ya hana ka ruɗuwa da tashin jinin da aka gani a Afrilu. Randa mai yoyo tana cika muddin ana zuba mata ruwa, kuma abin da ƙwayar ƙarin jini ta yi ke nan. A ganina wannan ne kuskure mafi tsada a wannan fanni: a ba namiji ko macen da ta daina al'ada maganin ƙarin jini, jini ya tashi, kowa ya saki jiki. Irin waɗannan mutane tun ganowar farko ya kamata a tura su, magani da bincike su tafi tare. Waccan jagora ta 2021 ta nuna cewa kusan ɗaya cikin uku na maza da matan da suka daina al'ada masu wannan matsala ana samun wata cuta a ƙarƙashinta, galibi a ciki ko hanji. Mutuminmu ya riga ya rasa wata bakwai, kuma takardar ta faɗi haka a sarari ba tare da ɗora wa kowa laifi ba.

Idan kuwa jinin bai tashi ba duk da magani, ka rubuta abin da ka gano game da shan sa. Kada ka tambaya "kana sha?", kowa zai ce e. Tambaye shi sau nawa ya tsallake a makon jiya, ko maganin na sa shi taurin bayan gida ko tashin zuciya, da kuma launin bayan gidansa, domin wanda ke shan ƙarfe da gaske nasa yakan yi duhu. Duhun ƙarfe yana da ɗan kore-kore kuma ba ya yauƙi, ya bambanta da baƙin jinin da ya narke. Ka bambance su a rubutunka don kada a karanta "baƙin bayan gida" a ɗauka zubar jini ce mai yawa, ko a yi watsi da zubar jini ta gaske a ce ai magani ne.

Mataki na huɗu: rufe ƙofofin da za ka iya rufewa da kanka

Akwai tambayoyin da in ba ka amsa su ba za a dawo maka da takardar. Ga mace mai al'ada, ka faɗi yawan jinin da kwanakinsa, domin shi ne sanadin da ya fi yawa a wannan rukuni. Amma idan ta haura 50, ko tana da alamun ciwon hanji, ko akwai sankarar hanji a danginta na kusa, al'ada ba ta isa hujjar ƙin bincike ba. Ga kowa, ka tambayi haɓo, ba da gudummawar jini akai-akai, tiyatar ciki a baya, da ko yana cin nama ko ba ya ci. Ka duba fitsari don ganin ko akwai jinin da ido ba ya gani, saboda ƙoda da mafitsara ma na ɗigar da jini. Ka yi gwajin tTG-IgA tare da jimlar IgA don cutar siliyak, wadda ke hana ƙaramin hanji tsotse ƙarfe, ana samun ta a kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na masu irin wannan ƙarancin jini. Idan mutumin ya zauna ko ya yi aiki inda tsutsar hanji mai tsotsar jini ta yawaita, a duba bayan gidansa. Sai dai ko an sami tsutsar, ga ɗan shekara 63 wannan ba ya soke binciken hanji, mutum na iya ɗauke da abu biyu.

Sai gwajin FIT, wanda ke gano jinin ɗan'adam da ya ɓuya a bayan gida. Ka rubuta lambar kanta, kada ka tsaya ga "ya nuna" ko "bai nuna ba". A tsarin Ingila iyakar da ake amfani da ita ga masu alamun ciwo ita ce 10 µg/g, kuma gwargwadon hawan lambar gwargwadon gaggawar. Na mutuminmu 46 ne. Raunin gwajin shi ne yana gano furotin ɗin jini ne, wanda ke narkewa idan ya taso daga tumbi ya bi dogon hanji. Don haka FIT da ya fito ƙasa bai wanke tumbi da farkon hanji ba, kuma ba dalili ba ne na riƙe takardar namiji mai feritin 6.

Ka duba mutumin da hannunka ka rubuta abin da ka samu, har da abin da ba ka samu ba: taɓa ciki don neman ƙullutu, girman hanta da saifa, kaluluwa a wuya, da duba dubura da yatsa. Wannan na ƙarshe shi aka fi tsallakewa saboda nauyi, amma takardar da ba ta ambace shi ba kowa ya san ba a yi ba. Idan ya ƙi, rubuta ya ƙi. Ka saurari zuciya kuma, domin tsukewar bawul ɗin babbar jijiya na tafiya tare da wasu ƙananan jijiyoyi masu rauni a bangon hanji waɗanda ke ɗigar da jini. Basir kuwa, ko ka gan shi, kada ka jingina masa laifin ƙarewar ƙarfe a wannan shekarun.

Mataki na biyar: magunguna, da sunansu da dalilinsu

Jerin da ke kwamfuta bai isa ba. Mutuminmu da aka tambaye shi magungunansa ya lissafa asfirin, metfomin da amlodifin. Sai da aka ce "to idan gwiwar ta tashi me kake sha?" sannan ya fito da sacet ɗin daikulofenak daga aljihu, yana sha kusan kullum tun bara, kuma bai ɗauke shi a matsayin magani ba tunda ba likita ne ya rubuta masa ba. Daikulofenak, ibufurofen, nafuroksen da asfirin duk suna ƙuje bangon tumbi da hanji, sau da yawa ba tare da ciwo ba.

Ka dakatar da daikulofenak, ka rubuta ranar. Amma a nan ma akwai tarko. Samun maganin da zai iya jawo zubar jini ba ya nufin shi ne ya jawo. Asfirin da magungunan tsinka jini sukan tona asirin tsiron da yake nan tuntuni, su sa ya fara ɗiga da wuri.

Ga magungunan tsinka jini irin su warfarin, afiksaban, ribaroksaban da kulofidogirel, ka rubuta dalilin shan su da lokacin da aka fara. Akwai bambanci babba tsakanin wanda aka saka wa ƙarfen buɗe jijiyar zuciya wata uku da suka wuce da wanda aka saka wa shekara huɗu baya. Kada ka dakatar da su da kanka. Likitan da zai yi aikin ne zai yanke, wani lokaci tare da likitan zuciya, kuma asfirin ƙarami galibi ba a dakatar da shi don wannan bincike. Idan yana shan omefirazol ko ɗan'uwansa, ambace shi, domin yana rage tsotsar ƙarfe, yana kuma iya ɓoye ƙwayar cutar Helikobakta a gwaji sai an ajiye shi mako biyu.

Mataki na shida: shin jikinsa zai ɗauka?

Abin da za a yi masa galibi bincike biyu ne: gastiroskofi, inda ake zura na'ura mai kyamara ta baki zuwa tumbi da farkon ƙaramin hanji, da kolonoskofi ta dubura zuwa ƙarshen babban hanji, sau da yawa a zama ɗaya. Na biyun yana buƙatar shan maganin wanke hanji mai yawa tun ana gobe za a yi, kuma wannan yana wahalar da mai raunin ƙoda, mai gazawar zuciya da mai ciwon suga. Saboda haka ka saka eGFR, ma'aunin aikin ƙoda, ka faɗi yadda sugarsa take, ko zai iya kai kansa banɗaki da sauri, ko akwai wanda zai raka shi gida bayan allurar sa barci. Tsohon da ƙarfinsa ya ƙare ana iya zaɓa masa hoton CT na babban hanji a maimako, amma sai ka ba da bayanin da zai sa a yi wannan tunani. Ka kuma rubuta abin da ka gaya masa da abin da ya yarda da shi. Bai kamata ya fara jin kalmar sankara daga bakin baƙo a ɗakin bincike ba. Kana iya ce masa: "Baba, jinin nan yana fita ta wani wuri da ba ma gani. Sau da yawa gyambo ne ko illar magani, amma akwai yiwuwar tsiro, shi ya sa nake so a duba da wuri."

Mataki na bakwai: rubutun

Shafi ɗaya, bai wuce ɗaya da rabi ba. A sama suna, ranar haihuwa, lambar fayil da lambar wayar da ke aiki. Layin farko ya ɗauki buƙatarka da matakin gaggawa, domin wataƙila shi kaɗai za a karanta kafin a yanke. Ga yadda ta mutuminmu za ta kasance:

Zuwa ga Babban Likita, Sashen Ciki da Hanji. GAGGAWA: ana zargin sankarar hanji.

Likita, bayan gaisuwa. Ina roƙon ku duba wannan bawan Allah ɗan shekara 63 cikin gaggawa domin gastiroskofi da kolonoskofi. Yana da ƙarancin jini na rashin ƙarfe wanda ya dawo bayan magani, FIT ɗinsa 46 µg/g, kuma ya rame.

Hb ɗinsa 14.1 g/dL ne shekara biyu da suka wuce. A Janairu 10.4, MCV 74, feritin 8. Da feros salfet 200 mg kullum ya kai 11.9 bayan mako huɗu, 12.4 a ƙarshen Afrilu, lokacin da ya daina sha. Ba a yi binciken hanji a lokacin ba. A wannan wata na Agusta Hb 9.6, MCV 72, feritin 6, CRP 4. B12 da folet daidai, tTG-IgA bai nuna komai ba tare da IgA daidai, fitsari babu jini, eGFR 68, gwajin hanta daidai. Ba a taɓa yi masa ƙarin jini ba.

Yana jin kasala da haki idan ya hau bene, babu ciwon ƙirji. Nauyinsa ya sauka daga kilo 78 zuwa 74 cikin wata shida ba da niyya ba. Bai ga jini ko baƙin bayan gida ba, yanayin fitarsa bai sauya ba, babu wahalar haɗiya. Yana cin nama. An sami yayansa da sankarar babban hanji yana ɗan shekara 58. Bugun zuciya 88, hawan jini 132/78, ciki laushi babu ƙullutu, na duba dubura ban ji komai ba.

Yana shan asfirin 75 mg saboda ƙarfen jijiyar zuciya da aka saka masa shekara huɗu da suka wuce, ban dakatar ba. Metfomin 500 mg sau biyu, amlodifin 5 mg. Ya shafe kusan shekara yana shan daikulofenak na kashin kansa saboda gwiwa, na dakatar yau. Na mayar da shi kan feros salfet, zai ajiye idan kun ba shi rana. Babu maganin da jikinsa ke ƙi. Yana harkokinsa da kansa, ɗansa zai raka shi.

Na gaya masa akwai yiwuwar tsiro, ya amince da binciken biyu. Zan sake auna Hb bayan mako biyu, in ya faɗi zan kira ku. Na gode.

Sai sunanka, sa hannu da lambar da za a same ka kai tsaye. Ka haɗa kwafin sakamakon asali, kada a dogara da abin da ka kwafa da hannu kawai. Ka lura da ma'auni kuma: wasu ɗakunan gwaji suna ba da Hb da g/L, inda 9.6 ke zama 96. Ka tsaya kan guda ɗaya daga farko zuwa ƙarshe.

Za ka ga takardar ta ambaci shekarun yayan lokacin da aka gano cutarsa. "Akwai sankara a danginsu" ba ya amfanar kowa. Wane ne, wace iri, yana da shekara nawa, su ne ke sauya lissafi. Za ka kuma ga ba ta ɓoye zargin a bayan kalmomi masu laushi ba. Sankarar ɓangaren dama na babban hanji ta shahara da zuwa ba tare da ciwo ko sauyin bayan gida ba, ƙarancin jini kaɗai take aikowa, don haka rashin alamun hanji a wannan mutumin ba abin kwantar da hankali ba ne.

Mataki na takwas: bayan takarda ta tafi

Majinyacin yana hannunka har ranar da aka gan shi. Kada a hana shi maganin ƙarfe don ana jiran bincike, sai dai in ranar ta matso. Ƙwaya ɗaya a rana ta wadatar, wadda ke ɗauke da miligiram 65 na ƙarfen kansa, idan kuma tana damunsa a koma sha kwana ɗaya a tsallake ɗaya. Zai ajiye ta kamar kwana bakwai kafin kolonoskofi, domin tana baƙanta bangon hanji ta hana gani, sai dai in sashen ya ba da nasa umarnin. Ka gaya masa da wanda ke kula da shi alamun da za su sa a garzaya asibiti ba jira: aman jini, baƙin bayan gida mai yauƙi, jiri har ya faɗi, ciwon ƙirji.

Ka sa wa kanka ranar da za ka duba ko takardar ta isa kuma an ba shi lokaci. Takardu na ɓata tsakanin ofis da ofis, kuma majinyaci da bai ji kira ba yakan ɗauka shiru na nufin ba komai. Idan mako biyu suka wuce babu labari, ɗaga waya.

Yana yiwuwa binciken biyu su fito babu komai, kuma hakan na faruwa da yawa. A nan za ka ci gaba da ƙarfe har Hb ya daidaita, ka ƙara wata uku a kai don ajiya ta cika, sannan ka riƙa aunawa lokaci-lokaci, a shekarar farko kamar bayan kowane wata uku zuwa shida. Idan ya sake faɗuwa, ko ya ƙi tashi duk da shan magani da gaske, sai takarda ta biyu. Ita kuma tambayarta daban ce: a duba ƙaramin hanji da kyamarar da ake haɗiya kamar ƙwaya, a kuma yi shawarar allurar ƙarfe ta jijiya. Ka haɗa rahoton binciken farko cikakke, ka ja hankali ga layuka uku a cikinsa: ko na'urar ta kai ƙarshen babban hanji, ko hanjin ya wanku sosai a ranar, da ko an ɗebi ɗan nama daga farkon ƙaramin hanji don gwaji. Idan rahoton ya ce wankin bai yi kyau ba ko ba a kai ƙarshe ba, ka nemi a maimaita kolonoskofin kafin a wuce zuwa ƙaramin hanji.